Ciwon Suga: Yadda Ake Fitar da Kuɗin Shekara Tun Kafin Magani Ya Ƙare

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kemis da yamma ya san wannan maganar: "Malam, a ba ni na kwana uku, sauran sai Allah ya hore." Dattijo ne riƙe da tsohon katin magani da ya yi laushi a aljihu, yana nuna wa mai shago irin wanda yake so. Da a ce mura ce, kwana uku sun wadatar. Ciwon suga kuwa zama ya zo yi, kuma sayen maganinsa kwana uku-uku shi ne ke jawo a wayi gari babu magani babu kuɗi, a yi mako guda ba a sha ba, sai ƙishirwa da yawan fitsarin dare su dawo.

Abin da nake so mai ciwon da iyalinsa su gane shi ne, ciwon suga yana cikin 'yan cututtukan da ake iya lissafa kuɗinsu na shekara tun daga watan farko. Dabarar ita ce kada a fara da naira. A fara da ƙirga ƙwayoyi nawa, tsinken gwaji nawa, tafiya nawa. Wannan adadin ba ya motsi sai likita ya sauya magani. Farashi ne ke hawa, kuma mun ga yadda ya hau tun 2023, da aka cire tallafin man fetur kuma naira ta faɗi, ga shi yawancin magungunan nan da kayan gwajin daga waje ake shigo da su.

Bari mu ɗauki misalin wani tela mai shekara 54 da ke zaune a wani gari mai tafiyar kamar awa guda zuwa Kano. Yana da nau'in ciwon suga na biyu, wanda ya fi kama manya, kuma yana da hawan jini, domin sau da yawa tare suke tafiya. Farashin da zan sa a nan na koyon lissafi ne kawai. Kowa ya cire shi ya sa na kemis ɗin unguwarsu.

Likita ya rubuta masa metfomin mai miligiram 500, biyu da safe biyu da dare. Ƙwaya huɗu a rana ke nan, 1,460 a shekara. Sai gilimefiraid guda ɗaya da safe, 365 a shekara, da maganin hawan jini guda ɗaya, shi ma 365. Idan metfomin ta kama naira 40 kowace ƙwaya, kuɗinta 58,400. Gilimefiraid a kan naira 100 ta tashi 36,500, na hawan jini a kan naira 60 ya tashi 21,900. Magani kaɗai ya ci naira 116,800.

A nan akwai sauƙin da mutane da yawa ba sa nema. Magani ɗaya yakan zo da sunayen kamfanoni daban-daban, farashin wani ya ninka na wani, alhali sinadarin ciki ɗaya ne. Mai ciwo yana da damar ce wa likita ko mai harhaɗa magani, "Ranka ya daɗe, akwai irinsa mai sauƙin kuɗi?" Sharaɗin shi ne ya kasance da lambar rajistar NAFDAC, kwanan lalacewarsa da saura, kuma a saya a shagon da aka yarda da shi. Sayen na wata guda ko wata uku a kwali shi ma yakan fi araha a kan sayen kati-kati. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne raba ƙwaya biyu don ta yi auki, ko shan magani yau a tsallake gobe. Suga ba ya jin ciwo lokacin da yake ɓarna. A hankali yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, mutum yana ganin lafiyarsa ƙalau.

Yanzu sai tsinken gwaji, wanda shi ne ya fi yaudarar mutane. Na'urar gwajin suga sau ɗaya ake saye, wani lokaci ma ɗa ko ɗan'uwa ne ke kawo ta tsaraba. Amma kowace na'ura da tsinkenta take aiki, na wata ba ya shiga wata, kuma tsinke sau ɗaya ake amfani da shi a jefar. Gidaje da yawa suna da na'ura kwance a durowa saboda babu tsinkenta a garin. Saboda haka kafin a sayi na'ura, a fara tambayar kuɗin gwangwanin tsinkenta da kuma ko ana samunsa a kemis biyu ko uku na kusa.

Gwangwani yakan ƙunshi tsinke 50. Telan namu likita ya ce ya gwada sau huɗu a mako: kwana biyu zai zaɓa, ya gwada da safe kafin karya kumallo, ya sake gwadawa awa biyu bayan cin abinci. Wannan ya fi gwajin safe kullum amfani, domin shi ke nuna masa abin da malmalar tuwon shinkafa ko kofin koko mai suga ke yi masa. Sau huɗu a mako tsinke 208 ne a shekara. Sai dai ba a tsayawa nan. Wani tsinken jinin bai isa ba ya lalace, wata rana zazzaɓi ya kama shi dole a ƙara gwaji, sannan ga watan azumi, lokacin da mai shan gilimefiraid ke cikin haɗarin faɗuwar suga, wato jiki ya ɗauki rawa, gumi ya keto, na'ura ta nuna ƙasa da 3.9 ko ƙasa da 70, gwargwadon ma'aunin da take amfani da shi. Don haka gwangwani biyar za a rubuta. A kan naira 15,000, sun tashi 75,000. A ƙara 10,000 na 'yan allurorin huda yatsa da auduga da batir, ya zama 85,000. Kuma a riƙa rufe murfin gwangwanin nan take, a ajiye shi inda zafi da laima ba sa kaiwa, don tsinken da ya sha iska lambar ƙarya yake bayarwa.

Asibiti kuma, idan suga ya daidaita, galibi duk wata uku ake komawa. Zuwa huɗu a kan naira 2,000 ya kama 8,000. Akwai gwajin jinin da ake rubutawa HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce. Ga yawancin manya ana so ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin 100. Mai daidaitaccen suga yakan yi shi sau biyu a shekara, mu ce 20,000. Sau ɗaya a shekara kuma ana duba ƙoda ta jini da fitsari, a duba kitsen jini, mu sa 20,000, sannan likitan ido ya leƙa bayan ido, mu sa 5,000. Jimla 53,000. Waɗannan su ne kuɗaɗen da ke faɗowa a dunƙule, su ne kuma ake fara jinginewa. Abin takaicin, ɓarnar ƙoda da ta ido ba ta ba da alama da wuri, gwajin ne kaɗai ke kama ta lokacin da ake iya taka mata birki. Duba ƙafa kuwa ba ya cin ko sisi: ka cire takalmi da kanka a gaban likita, ko bai tambaya ba.

Kuɗin mota ba a rubuta shi a takardar likita, shi ya sa ake mantawa da shi. Zuwa huɗu a takarda, a zahiri shida ne, domin akwai ranar da za a ce a dawo karɓar sakamako, da ranar asibitin ido. Mota zuwa da dawowa 5,000, adaidaita sahu daga tasha zuwa asibiti da komowa 1,000, abinci 1,500, tunda ana zuwa ba a karya ba saboda gwaji, ga layi har azahar. Tafiya ɗaya 7,500, sau shida 45,000. Idan tsohuwa ce mai buƙatar ɗan rakiya, a ninka. Ban ma sa wunin da shago ya yi a rufe ba. Hanyar ragewa ita ce a roƙi likita ya ba da takardar gwaji tun a wannan zuwan, a yi gwajin kusa da gida kafin ranar komawa, a je da sakamako a hannu.

Idan aka haɗa magani 116,800, kayan gwaji 85,000, asibiti 53,000 da mota 45,000, an samu 299,800, mu ce dubu 300. A ɗora kashi ɗaya cikin biyar, wato dubu 60, saboda tashin farashi da larurar da ba ta sallama, kamar ƙurji a ƙafa ko ƙarin magani. Naira 360,000 ke nan a shekara, 30,000 a wata, kusan 1,000 a rana. Dubu 360 tana tayar da hankali. Dubu ɗaya a rana kuwa abu ne da tela zai iya jefawa a asusu, ko 'ya'ya uku su raba dubu goma-goma a wata, kowa ya san nasa. A wata na kullum magani kusan dubu goma zai ci. Ragowar ba rara ba ce, ta watan gwaji da tafiya ce, kada a taɓa ta don biki ko suna.

Mai allurar insulin lissafinsa ya bambanta. Kwalba mai mililita 10, mai ƙarfin 100 a kowace mililita, tana ɗauke da awo 1,000. Mai yin awo 30 a rana zai shanye ta cikin kwana 33, kusan kwalba 11 ko 12 a shekara. Amma mai yin awo 15 kada ya ce rabin haka zai saya, domin kwalbar da aka fara ba ta wuce mako huɗu zuwa shida, gwargwadon abin da takardar cikin kwalinta ta ce, ko da akwai saura. Ga sirinji, sau biyu a rana 730 ne, kuma dole lambar jikinsa ta dace da ƙarfin insulin ɗin. Zafi yana kashe insulin, don haka inda wuta ba ta tsayawa kada a tara na watanni. A sayi kaɗan-kaɗan, a ɗaure a leda a ajiye cikin sanyin randa. Tsinken gwaji shi ma yakan ninka sau da yawa, kuma ga mai insulin ba wurin yin tsimi ba ne.

Kafin a rufe littafin lissafi, a bincika inshorar lafiya. Dokar da ta kafa hukumar NHIA a 2022 ta wajabta inshora ga 'yan Najeriya, jihohi kuma suna da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano. A tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani mai ciwo yake biya. Wanda zai shiga ya tafi ofishinsu da takardar magungunansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya wanne ne ke cikin tsarin, ya tambayi HbA1c da tsinken gwaji daban, ya kuma tambayi abin da ake yi ranar da kantin maganin asibiti ya ce babu. Abin da suka ce suna biya ya soke shi daga lissafinsa, amma ya bar kuɗin maganin wata guda a asusu saboda irin wannan ranar.