Me Ya Sa Gwal Ɗinki Ke Rage Kuɗi Idan Kin Mayar Da Shi Shago?

Mata da yawa a Kano, Kaduna, Sakkwato da Maraɗi sun ɗauki gwal a matsayin asusu. Ana sayen sa da kuɗin adashi ko na gado, a ajiye shi don ranar larura, kuma wannan dabara ce mai kyau, musamman a ƙasar da darajar kuɗi ke zaizayewa. Sai dai ranar da larurar ta zo, mace ta ɗauki sarƙarta ta je wurin 'yan gwal, sau da yawa takan ji tayin da ya yi ƙasa sosai da farashin da shagon ke sayarwa a ranar. Wata takan ce an zalunce ta. Wani lokacin gaskiyarta ce. Amma akasari giɓin nan yana cikin cinikin tun ranar da ta saya, ba wanda ya nuna mata shi ne kawai.

Kuɗin da mai shago ya faɗa miki a kan kowane giram ya haɗa abubuwa da yawa. Akwai kuɗin zinarin kansa, akwai kuɗin aiki, wato ladan maƙerin da ya ƙera zanen, akwai kuɗin ɗauko kayan daga Dubai ko Jidda ko Italiya, akwai haraji, sannan ga ribar mai shago. Idan kika dawo sayarwa, ɗaya kawai daga cikin waɗannan za a biya ki, shi ne zinarin. Mai saye yana lissafin abin da zai samu idan aka narkar da sarƙar, kuma wuta ba ta barin zane. Ko ya yi niyyar wanke ta ya sake sayarwa, ba shi da tabbacin yayin bai wuce ba.

Zinarin da ke cikin sarƙar ma ba tsantsa ba ne. Zinari tsantsa, wanda ake kira karat 24, yana da laushi ƙwarai, shi ya sa ake gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa don ya yi ƙarko. Idan kika duba kusa da maƙullin sarƙa ko cikin zobe, za ki ga an buga lamba. Lamba 916 na nufin karat 22, lamba 875 karat 21 ce, irin da aka fi sani a kasuwannin Saudiyya, lamba 750 kuwa karat 18, wadda kayan Italiya suka yi suna da ita. A karat 18, kashi uku cikin huɗu ne kawai zinari. Don haka wadda ta ji farashin zinari a rediyo ta auna shi da nauyin sarƙarta, lissafinta zai zarce gaskiya, domin farashin da ake faɗa daga kasuwar Landan na zinari tsantsa ne, a kan oza ɗaya mai nauyin giram 31.1.

Bari mu ƙaddara lissafi da adadi mai sauƙi, a ce giram ɗin zinari tsantsa naira 100,000 ne, kuma farashin bai motsa ba tsakanin saye da sayarwa. Wata baiwar Allah ta sayi sarƙa mai duwatsu, karat 18, nauyinta giram 20. Zinarin da ke cikin kowane giram na naira 75,000 ne, mai shago ya ɗora 15,000 na aiki da riba, giram ya kama 90,000. Ta biya naira miliyan ɗaya da dubu 800.

Bayan wata biyu sai ga kuɗin asibiti, ta mayar da sarƙar. Abin da mai saye zai fara yi shi ne cire duwatsun, ko ya ƙiyasta nauyinsu ya zaftare. A ce sun kai giram 2. Nan ne abin ya fi ciwo, domin ranar saye an ɗora su a sikeli tare da sarƙar, ta biya gilashi mai ƙyalli a farashin gwal, yau kuma ko sisi ba su da shi. Saura giram 18, a kan 75,000, ya ba da miliyan ɗaya da dubu 350. Daga nan mai saye ya cire nasa kason, a ce kashi 5 cikin ɗari, ya miƙa mata naira 1,282,500. Fiye da rabin miliyan ya tafi, alhali ba wanda ya taɓa sikeli ko ya yi ƙarya. Kafin wannan mata ta maido da kuɗinta cif, sai farashin zinari ya tashi da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Da ta sayi awarwaro sumul mara dutse, karat 21, giram 20, da labarin ya sha bamban. Zinarin kowane giram 87,500 ne, aikin kuma kaɗan, a ce 5,000, jimilla miliyan ɗaya da dubu 850. Ranar mayarwa, bayan an cire kashi 5 ɗin nan, za ta karɓi naira 1,662,500. Kuɗin da ta zuba kusan ɗaya ne da na sarƙar, amma asarar ba ta wuce kashi 10 da ɗan ɗoriya ba. A ganina, duk mai sayen gwal don ajiya, ba don kwalliyar biki ba, ya kamata ta tsaya a kan wannan bambancin tun kafin ƙyallin kanta ya ɗauke mata ido.

Shi kuma kason da mai saye ke cirewa yana da dalilinsa. Yana fitar da tsabar kuɗi nan take a kan kayan da farashinsa na iya faɗuwa gobe, ko dala ta sauka ta bar shi da asara. Narkarwa tana cin kuɗi, kuma ɗan wani abu yakan salwanta a wuta. Sannan lambar da aka buga ba kullum take faɗin gaskiya ba, musamman a wuraren da aka liƙe gaɓoɓin sarƙa, inda akan samu haɗin da bai kai karat ɗin sauran jikinta ba. Shi ya sa yake goga kayan a baƙin dutse, ya ɗiga asid, ya ga ko zanen zai ɓace. Idan ya tsaya, karat ɗin ya cika.

Haraji ma ba ya dawowa. Saudiyya ta ɗaga harajin sayen kaya zuwa kashi 15 cikin ɗari a 2020, Dubai kuma tana karɓar kashi 5 tun 2018. Hajiyar da ta sayo 'yan kunne a Makka ta biya wannan kuɗin, kuma ɗan gwal na Sabon Gari ba zai lissafa shi ba.

Akwai masu cewa ai gwal ba ya faɗuwa, tashin farashi zai rufe kowane giɓi. A 'yan shekarun nan haka ta faru ga masu riƙe da naira, musamman bayan da aka saki farashin canji a 2023. Amma a kasuwar duniya oza ta kai wajen dala 1,900 a 2011, ta gangaro kusa da 1,050 a ƙarshen 2015, kuma sai a 2020 ta sake kai matsayinta na da. Mai larura ba ta da ikon jiran shekara tara.

Inda zalunci ke shigowa da gaske shi ne a sikeli, da rage karat da baki, da zuzuta nauyin duwatsu. Waɗannan ana iya gane su. Ki riƙe rasit mai ɗauke da karat da nauyi, ki nemi a rubuta nauyin duwatsu da kuɗin aiki daban. Ranar sayarwa ki sa a auna a gabanki, sikelin ya fara daga sifili, ki kuma ji tayin shago biyu ko uku. Idan rasit ya ce 875 mai saye ya ce karat 18 ce, kada ki saki sai an gwada a wani wurin. Tun ranar saye kuma, kafin ki ƙirga kuɗi, ki tambayi mai shagon: “Alhaji, idan na dawo da ita yau ɗin nan, nawa za ka saya?” Ki cire amsarsa daga abin da ya ce ki biya, ki raba da kuɗin sayen, ki kwatanta da na awarwaron da ke gefenta.