Kafin a Ce Dubunsa Ta Cika

Da 'yan sanda sun jera matasa a gaban kyamara, an baje wayoyi da wuƙaƙe a gabansu, sai ka ji labaran yamma sun buɗe da cewa dubun wasu ɓarayi ta cika. Kalamin yana da daɗin ji, shi ya sa ya kama bakinmu. Amma wanda ya ce dubun mutum ta cika ya riga ya yanke masa hukunci: ya ce ɓarawo ne, ya kuma ce ya daɗe yana yi. Alhali a wannan ranar ko ƙofar kotu mutumin bai taka ba. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa mara laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa. Jihar Legas ma ta gyara dokarta a 2021, ta haramta wa 'yan sanda yin holin waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida.

Shari'a hawa-hawa take tafiya, kuma kowane mataki yana da iyakar abin da za a iya faɗa a kansa. Yawancin ɓarnar da ake yi a rahoton kotu daga tsallake mataki take fitowa. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya kai ƙarar yaron shagonsa ofishin 'yan sanda, ya ce ya ba shi atamfofi na naira miliyan 3 ya kai wa wani abokin ciniki, kaya ba su isa ba, kuɗi kuma ba su dawo ba. An kama yaron. A wannan mataki abin da ke akwai ƙorafi ne da kamu. Ɗan jarida zai iya cewa 'yan sanda sun ce sun kama wani matashi bisa ƙorafin ubangidansa, ya faɗi jami'in da ya yi maganar. Ko da kakakin 'yan sanda ya ce yaron ya amsa laifinsa, a rubuta shi a matsayin faɗar 'yan sanda. Sau da yawa wanda aka ce ya amsa a caji ofis yakan zo gaban alƙali ya ce duka ya sha, har kotu ta tsayar da komai ta yi wata ƙaramar shari'a a kan ko da son ransa ya yi bayanin.

Bayan kwana biyu an gurfanar da shi a kotun majistare. Magatakarda ya miƙe ya karanta takardar rahoton farko ta 'yan sanda, tafinta ya fassara masa da Hausa, alƙali ya tambaye shi ko ya fahimta, ya kuma tambaye shi gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Yaron ya ce ba gaskiya ba ne. Duka-duka bai fi minti goma ba. To a nan ne ake yawan zamewa. Abin da aka karanta labari ne mai tsari, da rana da wuri da adadin kuɗi, sai wakili ya kwashe shi ya zuba kamar abin da aka tabbatar: ranar kaza ya karɓi kaya, ya sayar, ya cinye kuɗin. Daidai shi ne kowace jimla ta koma bakin mai ita, a ce mai gabatar da ƙara ya shaida wa kotu kaza, ya yi zargin kaza. Musun da yaron ya yi kuma ya zo a sama, cikin jimla ta farko ko ta biyu, domin mai sauraron rediyo ba ya jiran ƙarshen rahoto.

Alƙali ya ba da beli a kan naira dubu 500 da mutum biyu masu tsaya masa. Wannan kuɗi ba tara ba ce, galibi ma ba a biyan ta nan take. Alkawari ne cewa idan ya gudu za a karɓi wannan adadi. Idan bai cika sharuɗɗan ba a ranar, motar gidan gyaran hali za ta tafi da shi. Kanun da ya ce kotu ta tura shi gidan yari bai yi ƙarya ba, amma mai karatu zai ɗauka an ɗaure shi ne, don haka dole a ce an tsare shi kafin ya cika sharuɗɗan beli. A manyan laifuka kamar kisan kai ko fashi da makami abin ya fi haka nisa: majistare ba ta da hurumin sauraren su, sai dai ta ba da umarnin tsarewa ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Mutum zai iya shafe watanni a tsare ba a ma shigar da tuhuma a kansa a babbar kotu ba.

Me ya sa ɗan jarida zai iya maimaita mummunar maganar da aka faɗa a kotu ba a kama shi da ɓata suna ba? Domin doka ta ba shi kariya ta musamman. Tsohuwar dokar final kod ta Arewa ta bayyana ɓata suna a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Amma ta keɓe rahoton gaskiya na abin da ya gudana a kotu. Kariyar tana da iyaka. Ta rufe abin da aka faɗa a zaman kotu ne, ba ta rufe abin da mai ƙara ya faɗa maka a gindin bishiyar harabar kotu bayan an tashi ba. Idan ɗan kasuwar nan ya ja ka gefe ya ce ai yaron ya saba, ko a shagon da ya baro sata ta kore shi, ka buga, kai za ka kawo hujja. Kariyar kuma tana faɗuwa idan rahoton ya karkata. Ka halarci ranar da shaidun mai ƙara suka yi bayani, ka buga shi shafi guda, ranar da lauyan yaron ya yi musu tambayoyi har ɗaya ya yarda cewa bai ga lokacin da aka miƙa kayan ba, ba ka zo ba. Kowace kalma da ka buga gaskiya ce, amma hoton da ka bar wa jama'a ba shi ne abin da ya faru a kotu ba.

Akwai masu ganin kalmar "ana zargin" laya ce, da an rataya ta a farkon jimla an tsira. Ba haka doka take kallon abin ba. Wanda ya yaɗa magana mai zubar da mutunci yana ɗaukar nauyinta kamar wanda ya ƙirƙira ta. A jihohin da ke aiki da dokokin shari'ar Musulunci akwai ƙarin hatsari idan zargin ya shafi zina, domin ƙazafi haddinsa bulala 80 ne, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nur ta tanada. Ba 'yan jarida kaɗai abin ya shafa ba, duk mai waya a hannu yana ciki.

Raina kotu kuma wani babi ne daban, kuma alƙali yana iya hukunta shi nan take idan a gabansa aka yi. Naɗar murya ko ɗaukar hoto ana cikin zama ba tare da izini ba yana iya jawo shi. Haka buga abin da kotu ta hana, kamar sunan shaidar da aka ɓoye saboda tsaro. Haka shirya zaman rediyo ana kiran waya ana yanke wa mutum hukunci alhali shari'arsa tana gudana, ko a ce an sayi alƙali ba tare da hujja ba. Wasu sukan ce tunda alƙalai ƙwararru ne, surutun gari ba zai girgiza su ba. To, shaidu fa? Matar da ta ji gari duka ya gama tsine wa wanda za ta je ta ba da shaida a kansa, ba lallai ta iya faɗin abin da zai taimake shi ba ko da shi ta gani. Sukar hukunci bayan an yanke shi halas ne, in dai da hujja aka yi, ba da zagi ba. Yara kuma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana buga abin da zai sa a gane yaron da ake tuhuma, kuma ambaton unguwa da makaranta da sana'ar uba ya isa a gane shi ko ba a faɗi suna ba.

Ƙarshen shari'a ma ba iri ɗaya ba ne. Idan ɗan kasuwar ya daina zuwa, kotu ta kori ƙarar ta sallami yaron, ba ta ce bai yi ba, kuma ana iya sake gurfanar da shi. Idan ta saurari komai ta sallame shi ta wanke shi, ba za a sake yi masa shari'a a kan wannan laifi ba. Misalai biyu sanannu sun nuna tazarar. A Janairun 2012 babbar kotun Legas ta yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha hukuncin kisa a kan kisan Kudirat Abiola na 1996. A Yulin 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba shaidun, ta ce ba su isa ba, ta sallame shi ta wanke shi. Shi kuwa tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, an ɗaure shi shekara 12 a Disambar 2019 a shari'ar sama da naira biliyan 7. A Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar, amma dalilinta shi ne alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, ba shi da hurumin komowa ya ƙarasa ta. Ta umarci a sake shari'ar daga farko. Wanda ya rubuta cewa Kotun Ƙoli ta wanke shi ya yi kuskure. Wanda ya ci gaba da kiransa mai laifi bisa hukuncin da aka rushe shi ma ya yi kuskure, kuma nasa ya fi hatsari a gaban doka.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron shagon nan, wanda ba shi da lauyoyin da za su rubuto wasiƙar neman gyara. Ranar gurfanarwa sunansa da hotonsa sun zaga gari. Bayan wata takwas abokin cinikin ya zo kotu ya yarda cewa kayan sun iso hannunsa, aka wanke yaron, babu wakili ko ɗaya a zauren. Duk wanda ya nemi sunansa a waya, ko mai neman ɗaukarsa aiki ko dangin yarinyar da yake nema, labarin farko kaɗai zai gani. Gidan jaridar da ya buga gurfanarwa ya ci bashin buga ƙarshenta. Hanyar biya kuwa ba ta da wuya: wakili ya rubuta lambar ƙara da ranar da aka ɗage zaman a littafinsa, ya riƙe lambar wayar rijistaran kotun, in ya rasa wani zama ya nemi kwafin hukuncin mai hatimi kafin ya rubuta komai. In an wanke mutum, a buga a shafin da aka buga zargin, a lokacin labaran da aka karanta shi, a kuma koma kan tsohon labarin da ke intanet a ƙara masa sakamakon a samansa.