Yadda aiki ke kiran kansa a cikin manhaja: abin da ya kamata ku sani

Idan ka tambayi kwamfuta girman wata folda, cikin ɗan lokaci za ta ce maka megabait kaza ne. Sai dai folda ba ta da girma nata na kanta da aka rubuta a wani wuri. Dole a tara girman fayilolin da ke ciki, kuma a cikinta akwai wasu foldodi, su ma da nasu a ciki. Wanda ya rubuta manhajar bai san hawa nawa za ka jera ba. To ta yaya zai rubuta umarnin da zai isa har ƙasa?

Dabarar da masu rubuta manhaja ke kira rikashan ita ce amsar. Ana rubuta aiki guda, wanda su ke ce wa fankshan, sai a bar shi ya kira kansa a kan wani yanki na matsalar da bai kai ta farko girma ba. Kamar a ce sarki yana son sanin yawan gidajen ƙasarsa: ya tambayi hakimai, kowane hakimi ya yi wa dagatansa tambayar, dagatai su yi wa masu unguwanni. Tambayar ba ta canza ba, yankin ne ke raguwa, har ta iso ga wanda zai iya ƙirgawa da idonsa. Daga nan amsoshi su riƙa hawa ana tarawa.

Ga yadda ake rubuta lissafin folda da harshen Python:

```python
import os

def girma(hanya):
    if os.path.isfile(hanya):
        return os.path.getsize(hanya)
    jimla = 0
    for suna in os.listdir(hanya):
        jimla += girma(os.path.join(hanya, suna))
    return jimla
```

Aikin yana da rabi biyu. Na farko shi ne matsaya: idan abin da aka miƙa masa fayil ne, sai ya faɗi girmansa ya gama, ba ya kiran kowa. Na biyu kuwa, idan folda ce, ya bi abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa kowanne ga `girma`, wato ga kansa, ya tara abin da aka dawo masa da shi.

Bari mu bi shi da ƙafa. A ce akwai folda mai suna Biki. A ciki akwai katin gayyata mai megabait 2, da foldar Bidiyo mai fayil ɗaya na megabait 40, da foldar Hotuna. Ita Hotuna tana da hotuna biyu, na megabait 3 da na 5, sannan da wata ƙaramar folda, Kamu, mai hotuna na megabait 4 da na 6. Kwamfuta da bait take lissafi, amma mu bar shi a megabait don sauƙi.

An kira `girma` a kan Biki. Ba fayil ba ce, don haka jimla ta fara daga sifili. Katin gayyata ya dawo da 2. Bidiyo ta dawo da 40, jimla ta zama 42. Da aka zo kan Hotuna, kiran Biki sai ya dakata yana jira, yana riƙe da 42 ɗinsa. Sabon kira ya buɗe tasa jimlar daga sifili, ya tara 3 da 5, ya sami 8, ya ci karo da Kamu, shi ma ya dakata. Kira na uku ya haɗa 4 da 6, ya dawo da 10. Hotuna ta farka, ta haɗa 8 da 10, ta miƙa 18 sama. Biki ta haɗa da 42, amsa ta fito 60.

Wurin da ya fi ruɗa masu koyo shi ne wannan `jimla`. Suna ɗaya ne a rubuce, to me ya hana lissafin Kamu ya goge na Biki? Kowane kira yana samun nasa gurbin a ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda ake ajiye ƙimominsa da kuma layin da zai ci gaba daga kai idan an dawo masa da amsa. Ana ɗora gurabun nan ɗaya bisa ɗaya a abin da ake kira sitak, kuma na ƙarshen hawa shi ne na farkon sauka. A misalinmu an yi kira goma, foldodi huɗu da fayiloli shida, amma gurabun da suka taɓa taruwa a lokaci guda huɗu ne kacal: Biki, Hotuna, Kamu, da hoto ɗaya a cikinta. Zurfin kiran ne ke cin sitak, yawan kira kuwa lokaci yake ci. Rashin irin wannan tanadi ne ya sa Fortran na farko, wanda ya fito a 1957, bai yarda aiki ya kira kansa ba, alhali Lisp, wanda John McCarthy ya fara a 1958, a kan wannan dabara aka gina shi.

Sitak yana da iyaka, kuma nan ne ake yin ɓarna. A ce mai rubutu ya yi tuntuɓe ya sa `girma(hanya)` a cikin zagayen `for`, maimakon ya haɗa hanyar da sunan abin da ke ciki. Biki za ta kira Biki, wannan ma ta kira Biki. Matsayar tana nan daram a rubuce, amma ba za a taɓa isa gare ta ba, domin matsalar ba ta raguwa. Python yana tsayar da abin idan zurfi ya kai wajen 1000, ya nuna:

```
RecursionError: maximum recursion depth exceeded
```

A saman saƙon za ka ga layi ɗaya ana ta maimaita shi, alamar ke nan. Harshe irin C ba ya ƙirga maka komai. Sitak ne zai cika, manhajar ta faɗi. Akwai `sys.setrecursionlimit` na ɗaga iyakar a Python, kuma masu koyo kan garzaya gare shi. A ganina kuskure ne a fara da nan. Idan zurfi ya kai dubu a aiki irin wannan, kusan kullum wani abu ne ya karkace, kuma tambayoyi biyu za su tono shi: ina matsayar take, kuma kowane kira yana matsowa kusa da ita?

Wani lokaci rubutun lafiyarsa ƙalau, bayanan ne ke da tarko. A Linux ana iya ƙirƙirar mahaɗi a cikin Kamu da ke nuna Biki. Aikinmu zai bi shi a matsayin folda, ya koma sama, ya sake gangarowa, yana ta kewaye har sai kuskure ya tare shi. Saboda haka ne `os.walk`, kayan aikin da Python ya tanada don ratsa foldodi, ba ya bin irin waɗannan mahaɗai sai an umarce shi.

Duk abin da rikashan ya yi, ana iya yin sa da zagaye na yau da kullum, in mutum ya riƙe jerin foldodin da suka rage da kansa. Don tara lambobi daga 1 zuwa 5000, zagayen ya fi: rikashan mai rage ɗaya a kowane kira zai buƙaci zurfi 5000, Python ya tare shi tun a kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar. Inda dabarar ta dace shi ne abin da ke da rassa a cikin rassa, ko wanda ake raba shi biyu a kowane mataki. Jeri mai abu miliyan ɗaya, idan ana raba shi biyu-biyu, wajen mataki 20 ya ishe shi ya koma abu ɗaya, don haka sitak ba zai wuce hawa ashirin da 'yan kai ba.