Mabuɗin Insha'i: Yadda Ake Tasowa Daga Magana Mai Faɗi Zuwa Matsaya

Da wuya ɗalibin harshe ya kammala karatunsa ba a ba shi insha'i a kan manufar ilimi ba, ko a jarrabawa ko a aikin gida. Batun yana da kama da mai sauƙi, domin kowa yana da abin cewa a kansa. To amma wannan sauƙin shi ne tarkon. Idan malami ya ɗauko takardun aji guda ya duba, sai ya tarar galibinsu sun buɗe da abu ɗaya, kamar haka:

"Ilimi gishirin zaman duniya ne. Tun fil azal ɗan Adam yake neman ilimi. Ilimi yana da matuƙar muhimmanci ga kowace al'umma. Idan babu ilimi babu ci gaba. A wannan insha'i zan yi bayani a kan manufar ilimi."

Babu kuskuren nahawu a nan, kuma babu ƙarya. Sai dai a duba da kyau: jimloli huɗu na farko duk magana ɗaya suke maimaitawa, wato ilimi abu ne mai kyau. Ana iya sauya musu wuri, ta huɗu ta koma ta farko, ta biyu ta koma ta uku, ba abin da zai lalace. Wannan ita ce alamar sakin layin da yake tsaye wuri ɗaya. Jimla ta biyar kuwa sanarwa ce kawai. Ta faɗi batun da za a tattauna, wanda malami ya riga ya sani tunda shi ya bayar, amma ba ta faɗi abin da marubucin yake gani game da batun ba. Mai karatu ya gama sakin layin bai san ko marubucin zai ce manufar ilimi samun aiki ce, ko tarbiyya, ko wani abu dabam ba.

Abin da ake so a irin wannan mabuɗi shi ne siffar mazurari: baki mai faɗi a sama, tsukakken wuya a ƙasa. Ana farawa da maganar da mai karatu zai yarda da ita ba gardama, a yi ta rage mata faɗi jimla bayan jimla, har a iso ga jimla ɗaya da take ɗauke da matsayar marubuci. Matsaya ita ce ra'ayin da sauran insha'in zai tsaya ya kare da hujjoji. Hanyar gane ta ba wuya. A tambayi kai: shin mutum mai hankali zai iya cewa "ban yarda ba"? In aka ce ilimi yana da amfani, ba mai musu, don haka ba matsaya ba ce. In kuwa aka ce aikin makaranta na farko ba koyar da sana'a ba ne, nan take za a sami mai ɗaga hannu. To an sami abin da za a rubuta insha'i a kansa ke nan.

Ko da yake matsaya ce take zuwa ƙarshe a kan takarda, ita ya kamata a fara rubutawa a takardar gwaji. Dalili kuwa, wanda bai san inda za shi ba, ba zai san ta inda zai taso ba. Yawancin mabuɗan da suke watsewa sun watse ne saboda marubucin ya fara da karin magana mai daɗi, yana fatan ra'ayi zai zo masa a hanya. Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki.

A ce ɗalibi ya yi tunani, ya ga shi dai a ganinsa makaranta ba don aikin yi kaɗai aka gina ta ba. Sai ya rubuta: "Manufar ilimi ba samun aiki ba ce kawai." Wannan mafari ne, amma bai isa ba, domin ya faɗi abin da manufar ba shi ba ne, bai faɗi abin da take ba. Kalmar "kawai" ma mafaka ce, tana barin marubuci ya tsaya da ƙafa ɗaya a kowane ɓangare. Sai ya sake gwadawa: "Manufar ilimi ita ce koya wa mutum tunani." Yanzu an sami ra'ayi, sai dai "tunani" kalma ce mai faɗi, kuma ba a ba da dalili ba. A karo na uku sai ya ce: "Aikin makaranta na farko shi ne ta fitar da yaron da zai karanta rubutu ya fahimta, ya kuma auna magana kafin ya karɓe ta, domin sana'a ana iya koyonta a hannun maigida, amma wannan ba mai koyar da shi in makaranta ta bari." Wannan jimla ta faɗi abin da ake nufi, ta kawo dalili bayan "domin", ta kuma nuna ra'ayin da take ja da shi. Ita ce za ta zauna a gindin mazurarin.

Daga nan sai a koma sama a nemi jimlar farko. A nan ne ake yawan kuskuren fahimta. Faɗi ba yana nufin a faro daga halittar duniya ba. Jimlar farko ta ɗara matsaya faɗi ne da taki biyu ko uku, ba ɗari ba, kuma dole ta ƙunshi ƙwayar rikicin da matsayar za ta warware. Tunda matsayarmu a kan aikin yi da fahimta take, jimlar farko ta taɓo abin da mutane suke tsammani daga makaranta. Misali: "Duk iyayen da suka kai yaro makaranta akwai abin da suke jira ya dawo da shi." Kowa zai yarda da wannan, amma ta riga ta haifar da tambaya a zuciyar mai karatu: mene ne abin? Jimlar "ilimi gishirin zaman duniya" ba ta haifar da wata tambaya. Ba wai an hana buɗewa da karin magana ba ne. Adon Hausa ne, kuma masu koyon harshen suna son nuna sun iya shi. Amma a zaɓi wanda za a yi aiki da shi, a ɗora masa tambaya ko a yi jayayya da shi, ba wanda za a rataya a ƙofa a wuce ba.

Tsakanin jimlar farko da matsaya akwai matakala, kuma ita ce ainihin aikin. Kowace jimla ta rage faɗi ta fuska ɗaya: ko ta wuri, daga duniya zuwa Nijeriya, ko ta lokaci, daga kullum zuwa wasu shekaru sanannu, ko ta ra'ayi, daga abin da kowa ya yarda zuwa inda aka rabu. A nan ne abu tabbatacce guda ɗaya yake da amfani. A misalinmu tarihin manhajar ƙasar nan ya ba mu abin riƙewa. Bayan taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, an fitar da kundin manufofin ilimi na ƙasa a 1977, sannan aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982. Babban burin tsarin shi ne yaron da ya gama ƙaramar sakandare ya fito da sana'ar hannu da zai dogara da ita. Ba sai an zuba duk waɗannan shekaru a mabuɗi ba. Ɗaya ta isa, sauran a ajiye wa gangar jikin insha'in. Ga yadda sakin layin zai kasance:

"Duk iyayen da suka kai yaro makaranta akwai abin da suke jira ya dawo da shi. A Nijeriya, in aka tambayi mafi yawansu, amsar ita ce aikin yi. Hukuma ma ta taɓa tsayawa a kan wannan amsa, domin tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 an gina shi ne don yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannunsa. Sai dai kafinta da tela da bakanike sun daɗe suna yaye almajiransu ba tare da sun shiga aji ba, kuma har yau suna yi. Ashe ke nan akwai abin da ya keɓanta da makaranta wanda ba shi ne sana'a ba. Aikinta na farko shi ne ta fitar da yaron da zai karanta rubutu ya fahimta, ya kuma auna magana kafin ya karɓe ta, domin wannan ba mai koyar da shi in ita ta bari."

Yanzu a gwada sauya wa jimlolin wuri. Ba zai yiwu ba. "Mafi yawansu" a jimla ta biyu tana komawa ga "iyayen" na jimla ta farko. "Wannan amsa" a ta uku ba ta da ma'ana sai an karanta ta biyu. Kowace jimla ta ɗauko kalma daga wadda ta gabace ta, ta miƙa sabuwa ga mai bi mata. A kuma lura da gyaran da aka yi wa matsayar: an cire maganar koyon sana'a a hannun maigida, saboda jimla ta huɗu ta riga ta ɗauki wannan nauyi.

Jimla ta huɗu ita ce ƙyauren da sakin layin yake juyawa a kansa, kuma "sai dai" ce take juya shi. Ɗaliban da ba da Hausa suka tashi ba su kula da waɗannan ƙananan kalmomi, don ba aikinsu ɗaya ba. "Amma" tana karo da abin da ya gabata kai tsaye. "Sai dai" ta fi ta laushi: tana amincewa da maganar baya, sannan ta nuna inda ta gaza, kuma hakan ya fi dacewa a nan tunda ba cewa muke iyaye sun yi wauta ba. "Ashe" tana nuna an gano abin da da ba a lura da shi ba, "ke nan" kuwa tana ɗaure sakamako. Wanda ya sa "haka kuma" ko "bugu da ƙari" a wannan gurbi ya nuna tara magana yake yi, ba juya ta ba, kuma da wuya ya iso ga matsaya.

Akwai kuma kishiyar tsayawa wuri ɗaya, wato tsalle. Marubuci ya buɗe da jimla mai faɗi, sai kwatsam ga matsaya, babu matakala. Ana gane wannan in an karanta jimlar farko da ta ƙarshe a jere aka ji kamar daga insha'i biyu aka ciro su. Maganinsa shi ne a sa "me ya sa?" ko "a ina?" bayan kowace jimla, a ga ko mai bi mata ta amsa.

Game da tsawo, a insha'in shafi uku ko huɗu jimla biyar zuwa bakwai sun wadatar. In mabuɗi ya kai rabin shafi, yawanci hujjojin ciki ne suka kutso, ana ta kawo misalai tun ba a faɗi abin da za su tabbatar ba. A ɗakin jarrabawa, inda lokaci yake da tsada, ana iya taƙaita shi zuwa jimla uku: mai faɗi, mai juyawa, da matsaya.

Ba kowane insha'i ne wannan siffa take yi wa daidai ba. Insha'in labari ko na siffantawa ba ya buƙatar matsaya irin wannan, kuma in tambayar cewa ta yi "kawo manufofin ilimi kamar yadda kundin 1977 ya zayyana", to jero su ake so, ba jayayya ba. Mazurari na insha'in muhawara ne da na tsokaci, inda aka ce "tattauna" ko "me kake gani".

Bayan an gama rubuta insha'in gaba ɗaya, a dawo a karanta matsayar tare da jimlar farko ta kowane sakin layi na ciki. A misalinmu an yi wa mai karatu alkawarin abu uku: karatu da fahimta, auna magana, da kuma cewa ba wani wuri da yake koyar da su in ba makaranta ba. Na ukun shi ne mafi rauni, domin wani zai ce gida da makarantar allo da zauren hira duk suna koyar da auna magana. In gangar jikin insha'in ba ta amsa wannan ba, sai a ƙara sakin layi da zai amsa, ko kuma a sassauta ƙarshen matsayar ta koma "domin makaranta ce ta fi kowa damar koyar da shi ga yara masu yawa a lokaci guda".