Kuskuren Rosta: Haƙurin Oga da Kuɗin Yinin da Ya Salwanta

A masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, inda injina ba sa hutawa, akan raba yini gida uku: dutin safe, na yamma da na dare. Takardar da ke nuna wanda zai shiga da lokacin shigarsa ita ce rosta, kuma sufabaiza ne ke tsara ta. Mai albashin wata bai cika damuwa ba idan an yi kuskure a cikinta. Amma wanda ake biya gwargwadon kwanakin da ya sa hannu a rajista, layi ɗaya a rosta cefanen gidansa ne.

Yawanci ba mugunta ke kawo kuskuren ba. Mutum biyu sun yi musayar rana, sufabaiza ya gyara ta jikin allo, ya manta da wadda ya tura ta WhatsApp. Ko kuma dutin dare, mai farawa yau ya ƙare gobe, an rubuta shi a ranar da ba tasa ba.

Mu ɗauki wani dattijo mai aikin ɗaure kaya. Rostar wayarsa ta ce yana da dutin safe ranar Talata. Ya biya kuɗin adaidaita, ya iso kafin shida, sai maigadi ya ce babu sunansa a ta ƙofa, wani ya riga ya shiga a gurbinsa. Idan aka auna da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, aka raba da kwanakin aiki 26, yinin ya kai kusan naira 2,700. A haɗa da kuɗin zuwa da dawowa. Ga irin saƙon da ya kamata ya samu kafin rana ta faɗi:

"Salamu alaikum, Baba. Abin da ya faru yau Talata laifina ne. Na canza rosta ranar Lahadi, ban turo maka sabuwar ba. Na san ka zo a kan lokaci, maigadi ma ya shaida. Ka yafe mini. Na rubuta wa akanta a sa maka yinin yau cikin biyan ranar Juma'a, kuɗin mota kuma zan ba ka da hannuna gobe. Idan ba ka ga kuɗin ba, ni za ka nema."

Sufabaizan ya girmi dattijon a muƙami, dattijon ya girme shi a shekaru, shi ya sa ya ce Baba. Amma nauyin saƙon ba a ladabin yake ba. Ya faɗi ranar, ya ce shi ya yi, ya kuma rubuta cewa ma'aikacin ya zo. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mai tsada, domin rajista ba ta ɗauke da sa hannunsa, kuma akanta rajista yake dubawa, ba ya sauraren labari. Sashe na 17 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ɗora wa mai ba da aiki wajibcin samar da aiki a duk ranar aiki da ma'aikaci ya gabatar da kansa yana da lafiya. Idan bai samar ba, ya biya shi ladan yinin. Akwai sassauci idan wani abin gaggawa da ya fi ƙarfin kamfani ne ya tsayar da aikin, amma mantuwar sufabaiza ba ta cikin wannan. Don haka kuɗin haƙƙi ne, ba alfarma ba, kuma saƙon shaida ce. Kada a goge shi.

Lamarin ya fi wuya idan kuskuren ya zo ta ɗaya ɓangaren: rosta ta ce ka huta, ka zauna a gida, aka rubuta maka fashi. A nan ba ka gabatar da kanka ba, wani wurin ma har takardar gargaɗi ake bayarwa. Dole saƙon ya ce a fili ba fashi ba ne, a kuma tura kwafinsa ga ofishin ma'aikata domin a goge alamar.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi rashin ba da haƙurin muni. Oga ya ce, "Ka yi haƙuri, an samu matsala, zan ba ka dutin Asabar ka rama." Babu wanda ya ɗauki laifin, babu ranar biya. Dutin Asabar kuwa sabon aiki ne da mutum zai yi guminsa a biya shi, sannan ya rasa ranar hutunsa, Talatar kuma ta tafi a banza. Idan ma'aikacin yana son ƙarin duti, madalla, amma bayan an biya na Talata.

Wani lokaci sufabaiza ba shi da ikon amincewa da biya. To kada ya yi alkawarin da ba nasa ba. Ya rubuta cewa ya kai maganar ga manaja yau, zai dawo da amsa ranar Alhamis, sannan ya dawo ranar Alhamis ɗin ko da amsar ba ta yi daɗi ba.