Ba Kowace Masassara Ce Ta Sauro Ba

Idan damina ta kankama a ƙasar Kurfai, tabkuna suka cika a kwarin Dallol Boso, da wuya a sami gida daga Filinge zuwa Shikal da babu mai kwance da masassara, yana rawar ɗari, kai kamar zai tsage. Nan take a ce “palu ce”, a aika yaro wurin mai tebur ya sayo magani. Daga watan Agusta zuwa Oktoba wannan zato yakan yi daidai sau da yawa, kuma dacewar tasa ce haɗarinsa, domin takan sa a manta cewa taifot da masassarar mura su ma da irin wannan fuska suke sallama. A ranar farko ko likita ba ya iya rabe su da ido. Abu biyu ke rabe su: lissafin kwanaki da gwajin jini.

Zazzaɓin cizon sauro faɗowa yake yi gaba ɗaya: sanyi mai kaɗa haƙora, sai zafi, sai gumi, sai jiki ya ɗan lafa kafin ya dawo. Wasu na cewa ai da haka ake gane shi, yau ciwo gobe lafiya. Amma ƙwayar falsifarum, wadda ta fi yawa a Nijar, ba ta cika bin wannan tsari ba, balle a farkon ciwo, kuma ita ce ke iya sumar da yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Taifot kuwa, wadda ake ɗauka daga ruwa ko abincin da najasa ta gurɓata, hawan tsani take yi. Zafin yau ya ɗara na jiya, har a ƙarshen mako ya kai digiri 39 ko 40 ya zauna, ga ciwon ciki, ga taurin bayan gida ko zawo. In an bar ta, a mako na uku tana iya huda hanji, abin da sai tiyata. Ita masassarar mura takan zo da yoyon hanci, tari da kaikayin maƙogwaro, ta sauka da kanta cikin kwana uku zuwa biyar.

Mu ɗauki misalin saurayi da ya kwanta ran Lahadi, bayan kasuwar Filinge. Litinin aka soki yatsarsa a asibiti, aka ɗiga jini a kan ɗan allon gwajin gaggawa, bayan minti 15 zuwa 20 layi ɗaya kawai ya fito, wato babu palu. A nan ne mutane ke ɓata rai, su ce gwajin ƙarya ya yi, su sha maganin duk da haka, su warke ran Alhamis, su yaba wa maganin. Alhali in mura ce, ko bai sha komai ba Alhamis ɗin zai tashi. In kuwa taifot ce, ƙwayoyin maganin palu na kwana uku ba sa taɓa ta, sai dai su cinye masa kwanaki masu tsada. Abin da ya dace shi ne farasitamol da ruwa mai yawa, in zafin ya wuce kwana uku ko yana ƙaruwa a koma a sake gwaji. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganin palu. Gwajin ma yana da iyakarsa: yakan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke, don haka wanda ya sha magani kwanan baya ya faɗa, a duba jininsa a madubin likita.

Babbar matsalar tana wajen taifot. Gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawun garkuwar jiki yake gani. Wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar a baya, ko mai palu a yanzu, yana iya fitowa da sakamakon “akwai”. Daga nan ne galibin maganar “palu da taifot tare” ta samo asali, a jibga wa mutum antibayotik da ba ya bukata, ƙwayoyin cuta su saba da shi. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne shuka jini a ɗakin gwaji a jira ƙwayar ta tsiro, yana ɗaukar kwanaki, kuma ba a kowane asibiti ake yin sa ba. Saboda haka Widal ɗaya a rana ta biyu ta ciwo ba hujja ba ce. Labarin kwanakin da mai jinya zai ba likita ya fi shi nauyi.

Mai ƙorafi zai ce asibiti na da nisa, hanya kuma ba kullum take da aminci ba. Gaskiya ne, kuma inda gwaji ba ya samuwa, a ba yaro mai zafin jiki maganin palu a damina ya fi a zauna jira. Amma yaron da ke jijjiga, ko ya kasa sha, ko yake amai ba tsayawa, ko wuyansa ya sanƙare, da mace mai ciki da ke masassara, waɗannan ba a ƙidaya musu kwanaki: a ɗauke su a ranar, ko a kan amalanke ne.