Maɓallai Uku Ko Jan Yatsa?

Tun daga Android 10 na shekarar 2019, wayoyi da yawa suna fitowa babu maɓallai ukun nan na ƙasan allo, wato na komawa baya, na shafin farko, da na manhajojin da ke buɗe. Yanzu yatsa ke aikin. Ka ja daga gefen allo zuwa ciki, ka koma baya. Ka ja daga ƙasa zuwa sama, ka fita. In ka ɗan tsayar da yatsan a tsakiya, manhajojin da ka buɗe su bayyana.

Allo kan ƙara fili, amma akwai cikas. Manhajar da ake jawo jerin zaɓinta daga gefen hagu takan rikice, kana neman jerin sai wayar ta mayar da kai baya. Rigar waya mai tudun baki ma tana tare yatsa. Shi ya sa nake ganin maɓallai sun fi wa dattawanmu sauƙi.

Sauyawa ba wuya. A Samsung, shiga Settings, sai Display, sai Navigation bar, ka zaɓi Buttons ko Swipe gestures. A Tecno ko Infinix, rubuta navigation a gurbin bincike na Settings, zaɓin zai fito.